Ampul uku a gardin yamma: nazarin kuskuren jantamisin da shawarar malamar dare

Lamarin da za a bi a nan na ɗakin yara ne a wani asibitin gunduma da ke Jihar Arewa ta Kamaru, tafiyar 'yan sa'o'i daga Garwa. An tsara shi domin nazari, ba a ambaci sunan asibiti ko na ma'aikaci ba. Lokacin hunturu ne, ƙura ta cika gari, rabin gadajen ɗakin yara ne masu ciwon haƙarƙari. Malamar jinya ɗaya ke gardin dare, wato aikin dare, da mataimaki ɗaya, likita kuwa yana gida, sai an buga masa waya.

Yaron gado na shida wata goma sha ɗaya gare shi, nauyinsa kilo 8. An kwantar da shi da ciwon huhu mai tsanani, ƙirji na lotsawa, ba ya kama nono sosai. Likita ya rubuta abin da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada: ampisilin 50 mg a kowane kilo duk sa'a shida, wato 400 mg, da jantamisin 7.5 mg a kowane kilo sau ɗaya a rana, wato 60 mg, na kwana biyar. Rubutun likita ba shi da aibi.

Ranar da aka kwantar da shi, jantamisin ɗin da kantin maganin asibiti ke bayarwa na yara ne, ampul, wato ƙaramar kwalbar allura, mai 20 mg a cikin 2 ml. Don a samu 60 mg sai a fasa uku, a ja 6 ml. Malamar da ta karɓi yaron ta yi lissafin daidai, sannan ta rubuta "6 ml" da biro a gefen takardar magani don ta sauƙaƙa wa mai zuwa bayanta. Rana ta ɗaya da ta biyu an yi allurar da ƙarfe shida na yamma, lafiya lau. A rana ta uku wannan ampul ya ƙare a asibiti, aka ba uban yaro takarda ya je kantin magani na cikin gari. Can suka ba shi irin wanda ya fi yawa a kasuwa, mai 80 mg a cikin 2 ml. Mai kantin ya duba, ya ga 60 mg ake so kullum, saura kwana uku, ya ba shi ampul uku, ɗaya kowace rana. Shi ma bai yi kuskure ba.

Malamar yamma ta buɗe ledar da uwar yaro ta miƙa mata, ta ga ampul uku, girmansu ɗaya da na jiya, ta dubi takarda ta ga 6 ml. Duk abin da idonta ya faɗa a kai ya tabbatar mata da abin da ta saba. Ta fasa ukun, ta ja 6 ml, ta tura ta kanula a hankali, ta sa hannu. Yaron ya samu 240 mg maimakon 60, ninki huɗu, wato 30 mg a kowane kilo.

Sha biyun dare

Malamar dare ta zo yin ampisilin na sha biyu. Uwar yaron, tana gyara masa zane, ta ce: "Malama, gobe baban nasa zai sake sayo ƙaramar allurar nan ne? Na ga ta ƙare." Ba ƙorafi take yi ba, kuɗi take lissafawa. Malamar ta karɓi ledar ta juye a kan tire. Ampisilin na nan yadda ya kamata, jantamisin babu ko ɗaya, sai filastik ɗin da aka jera ampul ɗin a ciki da rasiɗin kanti mai ɗauke da `80 mg/2 ml` da adadi uku.

Abu na farko da ta yi daidai shi ne ba ta je ta tona akwatin zuba allurai don neman fasassun kwalabe ba. Mutane kan yi haka cikin firgici, su ƙare da tsinin allura a yatsa, kuma shaidar da ke hannu ta isa. Na biyu, ta koma kan yaron kafin ta taɓa waya. Ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur, ta samu 54, da yamma an rubuta 58. Oksijin na jininsa 94 cikin ɗari. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ya riƙe ƙarfinsa, ya yi kuka da murya sosai da ta taɓa kanula. Ta tambayi uwar yaushe ya yi fitsari na ƙarshe, ta ce bayan sallar isha'i, ya jiƙa zane.

Dalilin duba ƙarfin jiki da kuka shi ne, jantamisin mai yawa a jini yana iya toshe saƙon da ke zuwa daga jijiya zuwa tsoka, numfashi ya raunana. Haɗarin ya fi yawa jim kaɗan bayan allura, kuma a yaro mai ciwon huhu yana da sauƙin ɓuya, domin kowa zai ce cutar ce ta tsananta. Bambancin yana nan ga mai lura: ciwon huhu yana sa numfashi da sauri da ƙoƙari, ƙirji na shiga ciki, shi kuwa raunin da magani ke jawowa numfashi ne marar zurfi, jiki ya saki, kuka ya dushe. Sa'a shida sun wuce babu wannan alamar, to wannan ƙofar ta kusa rufewa.

A nan ne shawarar ta fara wuya. Yaron ya fi jiya kyau. Babu wanda ya sani sai ita. Kuma "6 ml" ɗin da ke gefen takarda rubutun hannunta ne.

Me ya sa lafiyar yaron ba hujja ba ce

Da kuskuren na kinin ne da aka tura da sauri, ko na diyazefam, da jiki ya nuna nan take, da ba a yi dogon tunani ba. Jantamisin ba haka yake ba. Ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, kuma a mai lafiyayyar ƙoda rabinsa kan fita daga jini cikin sa'a biyu zuwa uku. Sai dai wani kaso yana maƙalewa a cikin ƙananan bututun ƙoda da kuma cikin kunne, ya daɗe a can bayan jini ya washe. Illar ƙoda ba ta bayyana a daren farko, sai bayan kwanaki, kuma sau da yawa yaro yana ci gaba da fitsari kamar kullum alhali ƙodar ta fara gazawa, gwajin kiriyatinin kaɗai ke nunawa. Yawanci ƙoda tana warkewa in an tsayar da magani. Illar cikin kunne, ta ji ko ta daidaiton jiki, in ta faru ba ta komawa, kuma jariri ɗan wata goma sha ɗaya ba zai ce kunnensa na ƙara ko kansa na juyawa ba.

Dole a faɗi ɗaya gefen, don kada a zuzuta. Allura ɗaya da ta wuce ƙima, a yaro mai lafiyayyar ƙoda wanda jikinsa bai bushe ba, galibi tana wucewa ba tare da ta bar tabo ba. Abin da ke mayar da ita ɓarna shi ne abin da ya biyo baya: a ƙara wata allurar gobe a kan wadda ba ta gama fita ba, yaro ya bushe saboda zazzaɓi da rashin shan nono, ko a haɗa masa da wani magani mai wahalar da ƙoda ko kunne, irin su furosemid, ibufurofen da dikulofenak. Kowanne daga cikin waɗannan abu ne da ke hannun likita da malamai, kuma ba za su kauce masa ba in ba su san abin da ya faru ba. Likitan da ya zo zagayen safe ya ji ƙirjin yaro da ɗan ruwa, yana iya rubuta furosemid da zuciya ɗaya.

Saboda haka tambayar "in kai rahoto ko in yi shiru" tambaya biyu ce aka cusa a ɗaya. Gaya wa likita a daren nan ba rahoto ba ne a kan kowa, wani ɓangare ne na jinyar yaron, daidai da faɗa masa cewa zazzaɓi ya tashi. Babu zaɓi a wannan. Wanda ke da zaɓi a cikinsa, na yadda za a yi da lokacin da za a yi da kalmomin da za a sa, shi ne rahoton safe, wanda ke zuwa ga majo, shugabar malaman ɗakin. Yawancin masu yin shiru suna yi ne don tsoron na biyun, sai su haɗa da na farkon su binne.

Wayar farko

Ta kira malamar yamma da ƙarfe sha biyu da kwata. Akwai masu ganin likita ya kamata a fara kira, kuma da yaron na cikin matsala haka ne babu gardama. Tunda yana kwance lafiya, minti biyu na tabbatar da magana suna da amfani, domin abin da likita zai fara tambaya shi ne nawa aka tura. Wataƙila ampul ɗaya aka yi amfani da shi, biyun suka fashe ko aka ara wa wani gado, abin da ke faruwa kullum a ɗakunan da kowane majiyyaci ke riƙe da ledar maganinsa.

Malamar yamma ta girme ta da shekaru masu yawa, ita ta koya mata neman jijiyar jarirai, Adda take ce mata. Ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, cikin kuɗin shigar asibiti ake biyanta, irin waɗanda ake iya sallama da takarda ɗaya.

"Adda, ki gafarce ni na tashe ki. Gado na shida, jantamisin na yamma, nawa kika ja?"

"Shida mana, yadda aka rubuta. Lafiya?"

"Na garin ne, Adda. Tamanin ne a kowace kwalba."

Aka yi shiru, sannan salati. Adda ta tambayi yaron, aka gaya mata. Sai ta ce: "Ƙanwata, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Gobe da yamma ni ce a kai. Ba zan yi masa ba, jibi ma haka, in sa hannu kawai. Ki sa uwar ta riƙa ba shi nono. Ba wanda zai cutu."

Wannan tayin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba na mugunta ba ne, kuma a kallon farko kamar ya warware komai: an tsayar da maganin, an kare yaro, an kare ma'aikaciya. Inda ya lalace wuri uku ne. Takarda za ta nuna yaro yana samun jantamisin alhali ba ya samu, kenan ana yi wa ciwon huhu mai tsanani magani da ampisilin kaɗai ba da sanin likita ba, in ya ƙi sauƙi likita zai ɗauka magungunan biyu ne suka gaza. Ba wanda zai nemi kiriyatinin, domin malama ba ta da dalilin da za ta bayar na neman sa. Sannan shirin ya dogara ga Adda ta kasance a gardi kwana biyu a jere, alhali rasuwa ɗaya a dangi ko musayar gardi ta isa ta kawo wata malamar, ta ga "6 ml", ta aika uba ya sake sayo ampul, a maimaita. Ƙari a kan haka, kuskure ɗaya na ganin ido ya koma sa hannun ƙarya sau biyu da gangan, kuma wannan ne abin da ba majo da za ta iya kare mai shi. Dokar laifuffuka ta Kamaru, a sashe na 289, ta tanadi hukunci ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni ta sakaci, kuma in magana ta kai can, takardar da aka yi wa ƙarya ita ce ke kashe mai ita.

Malamar dare ta ce: "Adda, Dokta zan kira yanzu, wannan ba zan iya bari ba. Abin da ya faru zan faɗa, har da cewa shidan nan ni na rubuta. Maganar majo kuwa, na fi so ki zo da asuba ki faɗa da bakinki, ina tsaye kusa da ke. In kin zo kafin bakwai, ke za ki fara magana."

Adda ta kashe waya ba ta ce komai ba.

Wayar likita da sauran dare

Kiran likita da tsakar dare yana da tsari, domin mutumin da aka tasa daga barci jimla ukun farko kaɗai yake kamawa. Ta fara da yaro da lamba: gado na shida, wata goma sha ɗaya, kilo 8, ciwon huhu rana ta uku, ya samu jantamisin 240 mg da shida na yamma maimakon 60, saboda ƙarfin ampul ya canza. Ta biyo da halin da yake ciki, numfashi, oksijin, ƙarfin jiki, fitsari. Ta rufe da abin da take so ya yanke: a tsayar da jantamisin, me za a sa a madadinsa, da wane gwaji. Bai tambayi wa ya yi ba sai a ƙarshe, ta faɗa masa, ta ƙara da batun rubutun gefen takarda.

Umarninsa, wanda ta rubuta da lokaci ta maimaita masa a waya: a tsayar da jantamisin gaba ɗaya. Da safe a koma seftiriyakzon, 80 mg a kowane kilo sau ɗaya a rana, wato 640 mg, wanda zai maye gurbin magungunan biyu. Kada a ba da furosemid ko ibufurofen, in zazzaɓi ya tashi farasitamol 120 mg. A ɗauki jini don kiriyatinin da zarar ɗakin gwaji ya buɗe, a sake bayan sa'a arba'in da takwas, a sake kafin sallama. A ajiye kalsiyum gulukonat da jakar taimakon numfashi kusa, a kira shi in numfashi ya raunana. Auna yawan jantamisin a cikin jini shi ne abin da babban asibiti zai yi, amma wannan asibitin ba shi da na'urar.

Bai ce a ɗura wa yaron ruwa da yawa don a wanke maganin ba, kuma daidai ya yi. Abin da ake so shi ne kada jiki ya bushe, ba a cika shi ba. Yaro mai kilo 8 yana buƙatar kimanin 800 ml a yini, kuma mai ciwon huhu in aka wuce masa ƙima numfashinsa ke ƙara tsananta. Tunda yana kama nono yanzu, nonon ya isa, a riƙa ba shi a kai a kai.

Auna fitsarin jariri a ɗakin da babu robar fitsari ta yara abu ne mai yiwuwa. Ana auna busasshen kunzugu a sikelin jarirai, a rubuta nauyinsa, a sake aunawa in ya jiƙe, giram ɗaya na ƙari daidai yake da mililita ɗaya. Ana so ya kai 1 ml a kowane kilo a kowace sa'a, kenan ga wannan yaron kusan 50 ml cikin sa'a shida. In kashi ya gauraya da shi, awon ya ɓaci, a rubuta haka kawai, kada a ƙiyasta. Daga ɗayan dare zuwa bakwai na safe an samu 70 ml.

Da ta je gaya wa uwar cewa kada a ba yaron komai sai abin da malamai suka bayar, sai uwar ta fito da wata kwalba daga ƙarƙashin filo. Sirof ɗin ibufurofen ne da kakar yaro ta kawo, ana ba shi cokali in jikinsa ya yi zafi, tun ranar farko. Ba wanda ya taɓa tambaya. Da an bi shirin Adda, da wannan kwalbar ta ci gaba da aiki a kan ƙodar da ke ɗauke da ninki huɗu na jantamisin.

Abin da aka rubuta

A takardar magani ba ta goge komai ba, ba ta shafa farin ruwan gyara ba. Ta ja layi ɗaya a kan "6 ml" yadda za a iya karanta shi, ta sa hannu da kwanan wata da lokaci. Sa hannun Adda na ƙarfe shida ta bar shi yadda yake. A littafin gardi, wanda da Faransanci ake cika shi, ta rubuta abin da ma'anarsa ita ce: da ƙarfe 18 an ba da jantamisin 6 ml daga ampul mai 80 mg a 2 ml, jimla 240 mg, abin da aka rubuta 60 mg ne, an gano da ƙarfe 00, halin yaro kaza, an sanar da likita da 00:25, umarninsa kaza. Ta manna rasiɗin kanti a shafin.

Babu "sakaci" a ciki, babu "rashin kula", babu "abin takaici". Irin waɗannan kalmomi hukunci ne, kuma ba aikin mai rubuta rahoto ba ne. Haka nan ba ta sassauta ba, ba ta rubuta "an ɗan wuce ƙima" ba. Lamba ita ce ke kare kowa: likitan da zai karanta bayan kwana uku yana buƙatar 240, ba siffa ba. Kuma ba ta ɗauki hoton takardar ta tura zauren wayar ma'aikata ba, wanda shi ne hanyar da ƙaramin kuskure ke zama abin hira a gari kafin azahar.

Adda ta iso shida da rabi, idonta ya nuna ba ta runtsa ba. Ta fara zuwa gado na shida, sannan ta jira majo a ƙofar ofis. Ita ta yi magana, malamar dare ta ƙara nata kason. Bambancin mai kawo kansa da wanda aka kawo ba ƙarami ba ne a idon shugaba, shi ya sa ba wa abokin aiki damar ya riga ka faɗa ya fi duk wani rufin asiri da za ka iya yi masa. Sharaɗin shi ne damar tana da wa'adi, kuma ya san wa'adin. Da ba ta zo ba, da malamar dare ta faɗa da ƙarfe bakwai ita kaɗai.

Majo mai hankali tana raba abu uku. Akwai kuskuren da tsarin aiki ya haƙa wa mutum rami, akwai gajeriyar hanyar da kowa ya saba bi har aka manta haɗarinta, akwai ganganci, kamar zuwa aiki a buge ko sa hannu a kan allurar da ba a yi ba. Na Adda yana tsakanin na farko da na biyu. Gaskiya ne ba ta karanta jikin ampul ba, kuma karanta shi wajibi ne, lokacin ɗauka da lokacin ja da kafin a jefar. Amma tambayar da ke auna laifi ita ce: da wata malamar ce a wurin, mai yara sama da ashirin da ledoji sama da ashirin, ta ga ampul uku da "6 ml", za ta tsira? A ɗakin nan kaɗan ne za su rantse.

An ba su biyun takardar neman bayani, suka amsa a rubuce, aka ja musu kunne, ba a sallami kowa ba. Ba kowane asibiti ne zai ƙare haka ba, akwai inda ƙaramar ma'aikaciya ke ɗaukar laifin duka, kuma malamar dare ba ta da tabbacin yadda za ta kaya lokacin da ta ɗaga waya. Adda ta yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa su.

Iyaye, da abin da aka canza

Likita ne ya gaya wa iyayen, bayan zagaye, a ofis ba a tsakiyar ɗaki ba, uba da uwa tare, majo na zaune. Ya ce an yi wa yaron allura ɗaya da ta fi ƙima ninki huɗu, kuskuren asibiti ne, ba na uban da ya sayo ba, ba na mai kanti ba. Wannan jimlar tana da muhimmanci, domin uban ya riga ya fara zargin kansa. Ya bayyana abin da ake dubawa da dalilin ɗaukar jini sau uku, majo kuma ta nemi asibiti ya ɗauki kuɗin gwajin da na sabon maganin. Uban ya tambayi wace malama ce. Likita ya ce aikin ɗakin ne gaba ɗaya, shi ke da alhakinsa, kuma an ɗauki mataki. Uban ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma daga ranar shi ke karanta kowace kwalba kafin a fasa.

Kiriyatinin na safiyar farko 3 mg a lita, bayan sa'a arba'in da takwas 4, kafin sallama ya koma 3. Ma'aunin da ake bi shi ne ya ninka na farko sau ɗaya da rabi, bai kai ba. An rubuta adadin jantamisin da ranar a littafin asibitin yaron, don duk asibitin da ya je nan gaba ya sani kafin ya sake rubuta masa irin wannan magani. An gaya wa uwar ta lura ko yana waiwayowa in an kira shi daga baya, ko gwalantunsa na ƙaruwa, ko yana yawan faɗuwa fiye da sa'o'insa in ya fara tafiya, aka kuma ba su takardar zuwa wurin likitan kunne, domin tafa hannu a bayan yaro ba gwajin ji ba ne.

A ɗakin, majo ta hana rubuta mililita shi kaɗai a gefen takarda. Duk mai yin allura zai rubuta abu uku a layi ɗaya a lokacin da yake yi: miligiram da aka umarta, ƙarfin ampul ɗin da ke hannunsa, da mililita da ya ja, misali `60 mg | 80 mg/2 ml | 1.5 ml`. Duk maganin da aka sayo daga waje sai an kawo shi teburin malamai an duba ƙarfinsa an rubuta a jikin ledar kafin ya je gefen gado. Kantin asibiti kuma zai aiko da sanarwa ɗakin yara duk ranar da ƙarfin wani magani ya canza ko ya ƙare. Da aka bi sauran takardun ɗakin a safiyar, an samu yara biyu da ke kan jantamisin da mililita a rubuce a gefe, ɗaya daga cikinsu ubansa ya riga ya tafi gari da takardar saye.